Motar da Ba Ta Tafasa

Mahaifina direban babbar mota ne. Ƙarfinsa duka a hanyar Tamale zuwa Kumasi ya ƙare, ya gangara da doya da man kaɗe, ya hauro da goro da katako. Ni kuwa malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, kuma a layinmu na Gurugu ni ce na fara sayen mota mai lantarki. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin a san irin kan da nake ɗauke da shi a shekarar da abin ya faru.

Motar ƙarama ce, fara, ta hannu. Wani ya gama cin amarcinta a ƙasar sanyi kafin ta haye teku ta zo gare ni, amma ni a wurina amarya ce. Ranar da na kai ta gidanmu da ke unguwar Nyohini don Baba ya sa mata albarka, ya fito yana dogara sanda, don idonsa ya riga ya fara rauni. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce in buɗe masa bonet. Ya sa hannu yana lalube.

"Uwata, ta ina take shan ruwa?" Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na nuna masa ɗan tulun ruwan da ke gefe, na ce, "Ga shi nan, Baba, amma ba irin naku ba ne. Ba a bin ta da galan. Wannan motar ba ta tafasa."

Ya ce, "Duk abin da ke aiki yana zafi."

Na yi dariya, irin dariyar da mai takarda ke yi wa tsoho. Na yi masa bayani mai tsawo game da injin da ba ya ƙona mai, ya saurara har na gama, ya tofa addu'a a kan sitiyari, ya koma tabarmarsa.

Baba yana da wata al'ada a zamanin tuƙinsa, wadda muka taso ana yi masa tsiya a kanta. In rana ta take, ko wa ke jiran kaya, sai ya nemi inuwa wajen Kintampo ya faka. Ya ɗaga bonet, ya yi alwala, ya yi salla, ya kishingiɗa a gindin itace har mota ta huce. Abokan aikinsa su wuce shi suna danna oda. Wanda ya fi kowa danna masa odar nan shi ne amininsa, mutumin da muke kira Baban Salaga, don can ya koma da ya ajiye tuƙi. Shi direba ne mai wuta a ƙafa. Kullum shi ke riga Baba isa Kumasi, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya zauna a bakin tasha yana jiran ya tambaye shi ko a jaki ya zo. Haka suka yi ta yi har gemunsu ya yi fari, ba su taɓa ɓatawa ba.

Tsakaninsu akwai alkawari, kuma duk gidajen biyu an san da shi: wanda ya riga wani mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka. Tun da Baban Salaga ya kwanta ciwo, Baba ya sa aka haɗa masa ɗan ƙunshi a farin ƙyalle, sabulu sabo, busasshen ganyen magarya, kafur da ƙaramar kwalbar turare. Ya ajiye a saman akwatinsa inda hannunsa zai kai ba sai da ido ba.

Rasuwar ta zo ranar wata Asabar a tsakiyar bazara, lokacin da Tamale ke zafin da ko ƙarfen ƙofa sai an sa bakin zane ake taɓawa. Ina Walewale wajen ƙanwata, a can na kwana. Wajen tara da rabi na safe yayana ya kira ni. Ya ce Baban Salaga ya cika, za a yi jana'iza da an idar da La'asar, kuma 'ya'yansa sun ce za su jira Baba da wankan har ƙarfe uku. Ya ce maƙwabcinmu mai tsohuwar tasi zai kwashi mutum huɗu ƙarfe sha ɗaya, an bar wa Baba kujerar gaba.

Na san tasin nan. Ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, kuma a bayanta galan biyu na ruwa ba sa rabuwa da ita.

Na ce, "Yaya, kada ku sa mini Baba a wannan akwalar. A zafin nan? Ina zuwa. Minti arba'in zan yi a wajen caji, mu kama hanya cikin sanyi, mu riga su isa."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Yaya, kimiyya nake koyarwa ko ba haka ba? Na gama lissafina."

Lissafin kuwa ba shi da aibu. In tashi goma, in isa Tamale sha ɗaya da 'yan mintuna, in ɗauki Baba, in tsaya wajen caji, mu tashi sha biyu da rabi, mu shiga Salaga biyu da rabi. Har da rarar rabin awa. Motar ta kwana a jone da wutar gidan ƙanwata, ta kusa cika, sai dai tun hantsi take shanye a rana a ƙofar gida. Na shiga, na ƙure na'urar sanyi, na ɗora ƙafa.

Ban taɓa gudu da mota kamar ranar ba. Na wuce manyan motoci, na wuce ƙanana, na wuce wata motar gawayi da direbanta ya leƙo yana kallon wannan farar aba da ke wucewa ba ƙara ba hayaƙi. Gaskiya na ji daɗi. Mutuwa aka yi, amma a hanyar nan ni abin da ke raina shi ne yau Baba zai ga amfanin motata. Ina ganin cajin yana zubewa da sauri fiye da kullum, ban damu ba, tunda wajen caji za ni. A gefen hagu na allon motar akwai wani ɗan ma'auni mai layi-layi, shuɗi a ƙasa, ja a sama. Wata takwas ina tuƙa motar ina ɗaukarsa ado ne.

Na tarar da Baba a zaure, ya sa farar rigarsa, ƙunshin yana kan cinyarsa. Tasin ta tashi babu daɗewa, yayana ya shiga kujerar da aka bar wa Baba. Baba bai ce mini komai ba sai, "Kin zo da wuri." Na ce, "Ai na faɗa."

A lokacin injin caji mai sauri guda ɗaya na sani a garin, a bayan wani gidan mai. An girka shi a tsakiyar fili a kan siminti, babu rumfa. Mai kula da shi wani Badagombe ne magidanci, da can gyaran firji yake yi, mai Hausar kasuwa da yawan haƙuri. Mun saba. Nakan zo da sassafe kafin makaranta, ya jona mini, allon injin ya nuna kilowat arba'in da 'yan kai, in duba takardun ɗalibai, kafin in gama aji ɗaya mota ta kai tamanin cikin ɗari.

Ranar na shigo da saura tara cikin ɗari. Ya jona. Injin ya yi ƙugi kamar kullum, lambar ta fara hawa, ta kai sha huɗu, ta tsaya.

Na jira ta ci gaba. Ba ta ci gaba ba.

Na fito na ce, "Malam, injinka lafiya?"

Ya leƙa allon, ya leƙa cikin motar, ya ce, "Madam, daga ina ka fito?"

"Walewale. Me ya haɗa wannan da wancan? Wutarku ce ba ƙarfi. Lokaran ne."

Duk wanda ya zauna a Gana ya san lokaran, wutar da ke zuwa a raunane, fanka na juyi kamar mai ciwon wuya. Komai ya lalace a gida ita muke ɗora wa laifi, kuma sau da yawa da gaskiyarmu.

Ya ce, "Ba lokaran ba, Madam. Da safe wani ya sha arba'in a nan. Injin na da wuta pulenti. Motanka ne ya ce a ba shi kaɗan."

Na ce mota ba ta magana. Na ce ya cire ya sake jonawa. Ya cire, ya sake jonawa, aka ɓata minti biyar ana gaisawa tsakanin mota da inji, lambar ta hau, ta tsaya a sha uku. Na ce ya kashe injin gaba ɗaya ya kunna. Ya yi, don ya ga fuskata. Sha uku. Na gaya masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce sun sayo tsohon inji suna yaudarar mutane, na ce zan kai ƙara, ban ma san wajen wa ba. Ya tsaya hannu a baya yana cewa, "Hankuri, Madam, hankuri."

Kafin a ce haka mutane sun taru. A Tamale ba a barin mota ta lalace ita kaɗai. Masu yalo-yalo biyu, keken hayar nan mai ƙafa uku, da ke jiran fasinja suka matso, da wani mai faci, da wata mata mai sayar da ruwan leda a kula. Mai facin ya ɗora tafin hannunsa a bonet ya janye da sauri, ya yanke hukunci: "Oba-hitin ne." Ya ce a buɗe. Na buɗe. Ya ce a kawo ruwa mai sanyi.

Ni da ke tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane yadda zafi ke ratsa ƙarfe, ni na ciro kuɗi na saye ruwan matar nan kaf. Muka yi layi muna fasa leda da haƙori muna tsiyayawa a kan murfin bonet da gilashi da taya. Simintin yana shanyewa nan take. Mai cajin ya tare wajen da aka jona wayar da jikinsa yana cewa kada ruwa ya zo nan, don Allah. Da ruwan ya ƙare muka juya gaba ɗaya muka dubi allo. Sha uku.

Duk wannan abin Baba yana cikin mota, na bar masa na'urar sanyi a kunne. Sai na ji ya ƙwanƙwasa gilashi da kan sandarsa. Na buɗe ƙofa. Ya ce in kira masa mai injin.

Suka gaisa da Dagbanci, a tsanake, kamar babu gawar da ke jira. Sannan Baba ya ce, "Ɗana, batirin motar nan a ina yake?"

"A ƙasa, Baba. Ƙarƙashin kujera, daga gaba har baya."

"To me suke wankewa a can gaba?"

 Mai facin ya tuna yana da aiki.

Baba ya sa aka fito da shi. Ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa hannu ƙarƙashin motar, ya ɗan jima, ya ce in kama shi ya tashi. Ya ce wa mai cajin, "Faɗa mata. Ni in na faɗa, tsufa ne."

Mutumin ya kai ni gaban sitiyari ya nuna mini ɗan ma'aunin nan da na ɗauka ado ne. Layukan sun hau har bakin ja. Ya ce wannan zafin batir ne. Ya ce a jikin batirin akwai wata 'yar kwamfuta mai gadinsa, tana auna zafinsa da cikarsa kowane lokaci, ita ce ke gaya wa injin caji yawan wutar da zai turo, injin kuma ba ya ƙetare maganarta. Gudu mai yawa yana zuƙar wuta da ƙarfi, batir ya yi zafi. Caji mai sauri shi ma yana ƙara masa zafi. In aka ɗura masa wuta mai yawa yana cikin wannan hali, zai tsufa da wuri, ko ya lalace, ko abin da ya fi haka muni. Don haka mai gadin ya rage ƙofa.

"Wasu mota na da ruwa da ke zagaya batir, shi na sanyaya shi," in ji shi. "Naka babu. Ruwan gaba na injin ne, ba ya zuwa ƙasa. Naka sai iska da lokaci. Ka yi gudu, rana ya duke shi, siminti na wuta. Ko sanyi ya yi yawa ma haka shi ke yi, an ce can ƙasan da ya fito. Amma mu nan zafi ne namu."

Abin haushi shi ne babu kalma ɗaya a maganarsa da ban sani ba. Da a takardar jarrabawa aka tambaye ni, da na ci maki goma cikin goma, har in zana hoto.

Na ce, "To mu tura ta inuwa ta huce."

Ya ce wayar ba ta kai darbejiyar da ke bakin katanga. Ko da ta kai, batirin ya fi buhun masara biyu nauyi, a rufe cikin akwatin ƙarfe, ba ya hucewa a minti goma ko ashirin. Sai awoyi. Ya ce abin da zan iya yi yanzu guda biyu ne: in kashe na'urar sanyi, don daga cikin 'yar wutar da ke shiga take ci, sannan in daina cirewa da jonawa.

Na kashe. Muka koma gindin darbejiyar, ni da Baba, a kan benci. Ƙarfe sha biyu da rabi, lokacin da lissafina ya ce muna hanya, motar tana ashirin da biyu cikin ɗari.

Na fara kiran waya. Yayana ya ce sun yi nisa, sun tsaya sau ɗaya an zuba wa tasin ruwa, yanzu tafiya take yi lafiya lau. Na kira wata malama mai mota, ta tafi biki Yendi. Na ce da mai yalo-yalo ya je tasha ya dubo mini motar Salaga, ya dawo ya ce wadda ke lodi mutum huɗu ne a ciki, direban ma ya tafi cin abinci. Babur kuwa, tsohon da ba ya gani sosai ba ya awa biyu a bayan babur a ranar nan. Na nemi tasin da zan ɗauka shata, wanda na samu ya ce ya sauke fasinja a wajen gari tukuna, ya dawo. Har muka bar wurin bai dawo ba.

Aka kira Azahar. Mai cajin ya kawo wa Baba buta da tabarma, mutumin da na gama ci wa mutunci. Baba ya yi salla a inuwar, ya zauna ya jingina da itacen, ƙunshin a gefensa. Na dube shi, na dubi motata can a rana da bonet a ɗage. Hoton da muka yi shekaru muna yi masa dariya a kai ne, sai dai yau motar tawa ce.

Na ce, "Baba, da na taho a hankali..."

Ya ce, "Da kin makara da minti ashirin."

Mai cajin, da ke naɗe tabarma, ya ƙarasa mini sauran. Da na iso da caji fiye da wannan, da batir bai kai haka zafi ba, da injin ya ba ni fiye da abin da yake ba ni yanzu. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma ni ce ungozomar.

Ƙarfe biyu saura kwata motar ta kai hamsin da biyar. Lambar injin ta sauko sha ɗaya. Ni a kaina tamanin nake jira, don da tamanin na saba tashi, kuma da ita zan iya gudu da sanyi. Baba ya tambaya, abin da ke ciki zai kai Salaga? Mai cajin ya ce in za a yi gudu, ba zai kai ba. In za a tafi a hankali, babu na'urar sanyi, zai kai har da ɗan saura. Ya ce kuma kada in sa rai, batir yana ƙara cika caji yana ƙara nawa, ko a ranar da yake da sanyi.

Baba ya miƙa mini hannu in ɗaga shi. Ya ce, "Cire ta, Uwata. Yau ni zan tuƙa, ke dai riƙe sitiyari."

Na ba mai cajin haƙuri a gurguje. Ya ce ba komai, Allah ya jiƙan mamaci.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Gilasai a sauke, iska mai zafi tana shigowa kamar daga bakin murhu. Baba ba ya ganin allo, amma kunnensa na direba yana nan. Da na ɗan ƙara ƙafa sai ya ji a ƙarar taya, ya ce, "Sauke." In mun zo gangara ya ce, "Sake ta, bar ta ta tafi da kanta." In na hango rami ya riga ni ji a jikin mota, ya ce tun daga nesa ake rage gudu, ba a bakin rami ba. Babura suna wuce mu. Wata motar doya ta wuce mu, direban ya danna oda. Baba ya ɗaga masa hannu, da alama abin bai zame masa baƙo ba.

Raina kuwa tafasa yake yi. Ga agogo, ga hanya a buɗe, ga mota mai iya gudu, kuma na san in na taka, a daji za mu tsaya. Ina tuƙi ina kuka ba sauti, iska tana busar da hawayen kafin su sauka.

Uku da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara. Babban ɗan marigayin ne. Na sa a kunnen Baba, amma ina jin komai. Ya tambayi inda muke, na faɗa.  Ya ce, "Baba, liman ya ce zafin ya yi yawa, kuma tun asuba ya cika. Mun jira iya jira. Amma in ka ce a dakata, za a dakata."

Baba ya karɓi wayar daga hannuna. Hannunsa yana kan ƙunshin.

Ya ce, "Ku yi masa. Ba a tsare mamaci saboda mai rai. Ku fara da dama, ku bi kafaɗarsa ta hagu a hankali, ta taɓa karyewa a Buipe."

Ya miƙo mini wayar. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Sauke ƙafa, kin ƙara."

Mun shiga Salaga bayan ƙarfe huɗu, da saura shida cikin ɗari. A bakin layin gidan muka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Babu wanka, babu salla, babu rakiya. A gindin wani mangwaro na ga akwalar maƙwabcinmu a fake, bonet a ɗage, ya tsaya yana ɗura mata ruwa daga galan. Tun biyu saura suka iso. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce sannu da hanya, Malama. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yayana ya kama hannun Baba ya kai shi kabarin. Ni na shiga wajen mata. Matar marigayin ta rungume ni tana cewa Allah ya yi mini albarka da na kawo Baba, ya sha wahalar hanya. Wata tsohuwa ta ce ai ni ce mai motar da ba ta shan mai, ta ji labarina. Na ce ni ce. Aka zaro waya ta taga aka jona motar da wutar ɗakin marigayin, ta kwana tana sha kaɗan-kaɗan, ba gardama.

Yayana ya gaya mini daga baya abin da Baba ya yi a maƙabarta. Ya tsuguna ya shafa ƙasar, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya gama ya ce, da ƙarfi yadda na kusa suka ji, "Ka riga ni kuma. Ko sau ɗaya ba ka taɓa jirana ba." Yayana ya ce wasu sun yi dariya, wasu sun share ido, shi bai san wanne zai yi ba.

Washegari da hantsi muka juyo. Ma'aunin ya sauko tsakiya, na dube shi ya fi sau ashirin. Baba bai ce mini sauke ba ko sau ɗaya, don ban ba shi dalili ba. Bai kuma ɗago maganar jiya ba, ni ma na kasa. Na so ya yi faɗa. Na so ya ce ai ya gaya mini tun ranar farko, duk abin da ke aiki yana zafi. Bai ce ba, sai labarin farashin doya da yake yi mini, da yadda hanyar take kafin a zuba mata kwalta.

A ƙofar gida a Nyohini na zagayo na buɗe masa. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya. Ya ɗauki ƙunshin nan, ɗaurinsa ko kwancewa bai yi ba, ya ɗora mini a hannu.

"Ajiye wannan a wurinki, sabulun sabo ne, kada ya tafi a banza. In tawa ta zo, ki kawo wa wanda zai yi mini."

Na riƙe ƙunshin. Ya laluba ya sami sandarsa, ya miƙe.

Ya ce, "Kuma ranar ki taho a hankali, Uwata. Ni na saba jira."